"Malam, Ko Za Ka Ce Wani Abu?"

A wurin walima, ko taron ban kwana, ko zaman ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, akwai lokacin da mai gabatarwa yakan ɗaga kai ya hango wanda bai san da zuwan maganar ba, ya ce, "Ga Malam can, ai ba ma tashi bai tofa albarkacin bakinsa ba." Kafin mutum ya farga, makirufo yana hannunsa, idanu sun dawo kansa. Abin da ke biyo baya yawanci ɗayan biyu ne. Wani zai yi turus, maƙogwaro ya bushe, ya ce, "To, ni dai ba ni da abin cewa, duk an riga an faɗa," ya koma ya zauna yana jin haushin kansa. Wani kuma zai kama magana ya yi ta tafiya, ya ɗauko wannan ya saki, ya koma wancan, har shinkafa ta huce a cikin kula jama'a suna satar kallon agogo.

Mutane suna ɗauka waɗannan halaye biyu kishiyoyin juna ne, wai ɗaya kunya ce ta yi masa yawa, ɗayan kuma surutu. Ni a ganina ciwonsu ɗaya: dukansu ba su zaɓi abin da za su faɗa ba. Na farko yana can cikin zuciyarsa yana neman magana mafi kyau, bai samu ba har lokaci ya ƙure masa. Na biyu shi ma neman yake yi, sai dai a bainar jama'a yake yin nasa, da baki buɗe. Saboda haka maganin ma ɗaya ne, wato mutum ya iya zaɓe da sauri, ya kuma san inda zai tsaya tun kafin ya fara.

Abin da ya sa "ce wani abu" ya fi tambaya wuya

Idan aka tambaye ka, "Ƙarfe nawa ka iso?" ba ka inda-inda. Amma idan aka ce "ba mu labari" ko "faɗi duk abin da ka ga dama", sai ka ji kanka ya ɗaure, alhali a zahiri an sakar maka mara ne. Akwai dalili.

A shekarar 2009 wasu masana harshe, ciki har da Tanya Stivers da Stephen Levinson na cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, sun auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hirar yau da kullum cikin harsuna goma na sassan duniya. Hausa ba ta cikinsu, amma sakamakon ya yi kama da juna daga wannan nahiya zuwa waccan. A matsakaici, amsa tana zuwa ne bayan kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Japanawa sun fi kowa sauri, mutanen Denmark sun fi kowa jinkiri, su ma ɗin jinkirin nasu bai kai rabin daƙiƙa ba. Abin mamakin shi ne, an daɗe da sanin cewa ƙwaƙwalwa tana bukatar fiye da rabin daƙiƙa kafin ta nemo kalma ɗaya tak ta kai ta baki. To ta yaya amsa ke riga wannan lokacin fitowa? Saboda muna shirya amsa ne tun mai tambaya bai rufe baki ba. Da ka ji "ƙarfe nawa", ka riga ka san lokaci ake nema, ka fara lalubo shi.

"Ce wani abu" ba ya ba ka wannan dama. Babu wata kalma a cikinsa da za ka kama ka fara shiri. Mai maganar ya gama, kai kuwa ko fara zaɓe ba ka yi ba, ga shi jikinka ya saba da cewa amsa tana zuwa nan take. Da shirun ya kai daƙiƙa ɗaya sai ka ji kamar ka yi laifi. Daga nan gaba ya fara faɗuwa.

Idanun jama'a kuma suna ƙara wa abin nauyi. Masu binciken damuwa a jami'ar Trier ta Jamus sun fito da wani gwaji a 1993 wanda har yau ake amfani da shi idan ana so a ɗaga hankalin mutum a ɗakin bincike. Ba duka ba zagi. Ana tsayar da shi ne gaban alƙalai ya yi magana ta minti biyar, sannan ya yi lissafi da ka na wasu minti biyar. An umarci alƙalan kada su yi murmushi, kada su gyaɗa kai. Idan maganarsa ta ƙare kafin lokaci, sai su zuba masa ido, can su ce masa yana da sauran lokaci. Wannan kaɗai ya isa ya sa bugun zuciya ya ƙaru, sinadarin damuwa ya hau a jini. Wato abin da ke firgita mutum shi ne fuskokin da ba ya iya karantawa, da filin da ba shi da iyaka. Idan aka lura, waɗannan biyun su ne ainihin abin da mai gabatarwa ya miƙa maka tare da makirufo.

Daga kujera zuwa makirufo

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce ana taron ban kwana da hedimastan wata firamare da ya yi ritaya. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ya yi magana, wakilin sakataren ilimi ya yi, mai unguwa ya yi. Dukansu sun ce hedimasta mutum ne mai haƙuri, mai riƙon amana, mai son ci gaban yara. Sai mai gabatarwa ya ce, "Malamar aji uku, ke ma ki ce wani abu."

Tsakanin kiran sunanta da isarta gaban jama'a akwai kamar daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin, idan ba ta yi gaggawa ba. Kada ta yi gaggawa. Ta tashi a natse, ta gyara mayafi, ta taka kamar yadda ta saba. Wannan ɗan lokaci shi ne duk shirin da za ta samu, kuma ya isa idan ta san abin da za ta yi da shi.

Abu na farko da za ta tambayi kanta shi ne: me ya sa ni aka kira? Kiran ba a buɗe yake ba kamar yadda ya yi kama. Ba a kira ta don ta yi bayanin matsalolin ilimi a ƙasa ba, ba kuma don ta maimaita tarihin aikin hedimasta ba, wannan wakilin ofis ya riga ya karanto shi daga takarda. An kira ta ne don ta yi aiki a ƙarƙashinsa, ta ga abin da manyan baƙi ba su gani ba. Da ta gane haka, fili ya ragu ƙwarai. Kusan kowane "ce wani abu" haka yake. Idan an kira ƙanin mahaifin amarya, matsayinsa na uba ake so a ji. Idan an kira abokin ango, shaidar abota ake nema. Idan an kira baƙon da ya zo daga nesa, so ake ya nuna ya ji daɗin karɓar da aka yi masa. Matsayinka a wurin shi ne tambayar da ba a furta ba.

Abu na biyu, ta nemo rana ɗaya. A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata hanya, domin suna neman siffa ne, ba aukuwa ba. Idan ta ce a ranta "me zan ce game da halinsa?", abin da zai zo mata shi ne haƙuri da amana da kirki, waɗanda mutum uku suka riga ta faɗa. Shi ya sa mutane ke cewa "duk an faɗa". Siffofin yabo ba su da yawa, masu magana biyu na farko sukan cinye su. Amma idan ta tambayi kanta "wace rana ce ba zan manta ba?", ba wanda zai riga ta, domin ranar tata ce. A misalinmu, abin da ya faɗo mata shi ne shekarar da iskar farkon damina ta yaye kwanon ajinta.

Wataƙila tana cikin tafiya wata aukuwar ta biyu ta faɗo mata, wadda take ganin ta fi ta farko. Shawarata ita ce ta riƙe ta farko, matuƙar ba za ta kunyata kowa ba. Mai neman wadda ta fi kyau shi ne ke isa gaban makirufo hannu wofi, ko kuma ya iso da guda uku ya rasa wadda zai bari. Labari matsakaici da aka faɗa tsaf ya fi labari mai daɗi da aka tsinko rabi.

Abu na uku, ta san jimlarta ta ƙarshe. Wannan ya fi sanin jimlar farko amfani, ko da yake mutane sun fi damuwa da ta farkon. A taron Hausawa an riga an sauƙaƙa mana wannan, domin addu'a ƙofa ce da ke buɗe kullum. Da ta ce "Allah ya saka masa da alheri", jama'a za su ce amin, kowa ya san an kai ƙarshe.

Farkon ma an sauƙaƙa mana. Sallama da gaisuwa abubuwa ne da baki ya haddace, ba sa bukatar tunani. Idan ta yi sallama, dole jama'a su amsa, a cikin amsawarsu ta ja numfashi ta kuma ji muryarta ta fita lafiya. Sai dai akwai tarko a nan. Wasu, saboda gaisuwar tana da sauƙi, sai su fake a cikinta, su bi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da sunaye da muƙamai har minti biyu, su manta mutum ɗaya, shi kuwa ya ƙullace su. Wanda aka kira ba shiri ba a ɗora masa wannan nauyi ba. Idan akwai basarake a wurin, a gaishe shi da sarautarsa kamar yadda ya dace, sauran jama'a a haɗa su a jimla ɗaya.

Ga yadda maganar malamar za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai unguwa, iyayenmu, malamai 'yan'uwana. Ni abu ɗaya zan faɗa. Akwai shekarar da iska ta yaye kwanon ajina a farkon damina. Da safe na zo na tarar da yara tsaye a waje, littattafai sun jiƙe. Ina tunanin inda zan kai su, sai ga Baba Hedimasta ya fito da teburinsa da kansa, ya ajiye a gindin darbejiyar can, ya ce, 'Malama, shiga da su ofis.' Mako uku muna karatu a ofishinsa, shi kuwa yana karɓar baƙi a gindin bishiya. Ko sau ɗaya bai tambaye ni yaushe za mu fita ba. Yaran nan yanzu wasunsu suna sakandare, har yau idan mun haɗu sai sun tuna mini. Baba, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya, ya albarkaci zuri'a."

Idan aka karanta wannan a natse, bai wuce minti ɗaya ba. A duba abin da babu a ciki. Ba ta ce hedimasta yana da kirki ba, jama'a ne za su faɗa wa kansu. Ba ta ba da haƙuri kan cewa ba ta shirya ba. Wannan ba da haƙurin al'ada ce da ta zama ruwan dare, kuma ba abin da take yi sai jawo hankalin mutane ga rawar muryar da da ba su lura da ita ba. Ba ta kuma yi bayanin wace shekara ce, ko wane kafinta ya gyara kwanon, ko yadda aka yi da kuɗin gyaran ba. Jimlar nan ta "ni abu ɗaya zan faɗa" tana aiki biyu: tana kwantar wa masu sauraro da hankali cewa ba za a daɗe ba, tana kuma ɗaure mai maganar, domin wanda ya yi alkawarin abu ɗaya a gaban jama'a zai ji nauyin kawo na biyu.

Yanzu a kwatanta da yadda abin kan lalace. Malamar ta fara da labarin kwanon, amma da ta ambaci iska sai ta tuna ai shekarar ce aka yi ambaliya a unguwarsu, ta ɗan taɓa wannan. Ambaliya ta tuna mata da halin da gine-ginen makarantar ke ciki, ga kuma wakilin ofis a zaune, sai ta ga bari ta yi amfani da damar. Daga nan sai ƙarancin kujeru, sai batun ƙarin girma da aka daɗe ba a yi ba. Kowane mataki yana da alaƙa da wanda ya gabace shi, shi ya sa ita ba ta jin ta kauce. Amma ba wanda ke da alaƙa da hedimasta, kuma shi aka taru dominsa. Haka soki-burutsu yake faruwa, ba rashin hankali ba ne. Kowace jimla tana haifar da 'yar'uwarta, ba wanda ke tambayar ina aka nufa.

Akwai alamun da mai magana zai gane da su cewa ya kama daji. Idan ka ji bakinka ya ce "kamar yadda na faɗa ɗazu", ka fara zagaye. Idan ka ce "a taƙaice" sau biyu, ko ka ce "abu na ƙarshe" sannan ka kawo wani, ka wuce tasharka. A waje kuma, mai gabatarwa zai matso kusa da kai, amin ɗin jama'a zai ƙara ƙarfi tun ba ka gama addu'ar ba, waɗanda ke gyaɗa kai za su koma kan wayoyinsu. Da ka ga ɗaya daga ciki, kada ka tsaya ɗinke abin da ya warware. Ka kammala jimlar da ke bakinka, ka tafi kai tsaye ga addu'a. Kuma idan an ce amin, ka miƙa makirufo. Mafi yawan dogayen jawaban da ke gundurar mutane sun sami kyakkyawan wurin tsayawa, mai su ne ya ce "sannan kuma" bayan an shafa.

Idan kuma ɗaya matsalar ce ta zo, wato kana tsakiyar magana kai ya ɗauke ɗif, abin yi kaɗan ne. Ka yi shiru, ka ja numfashi, ka maimaita jimlarka ta ƙarshe a hankali kamar mai jaddada ta. Sau da yawa zaren yakan dawo. In bai dawo ba, addu'ar tana nan. Ka kuma nemi fuska ɗaya mai gyaɗa kai ka yi magana da ita, domin kowane taro yana da irin wannan mutumin, kuma shi ne maganin fuskokin nan marasa motsi. Shirun da kake jin ya yi tsawo, a kunnen jama'a bai kai haka ba. Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich sun nuna a 2003 cewa masu jawabi suna zaton tsoronsu ya fito fili fiye da yadda masu kallo suke gani, kuma waɗanda aka sanar da su haka kafin su tashi sun fi yin magana mai kyau.

Masu gabatarwa ma suna da nasu laifin, bari in faɗa tunda an zo wurin. Mai gabatarwar da ya san aikinsa yakan raɗa wa mutum tun ana rabon lemo cewa za a kira shi, ko ya ba shi bakin zare a cikin kiran: "Malama, ke da kika yi shekaru tare da shi, wace rana ce ba ki mantawa?" Wanda ke kiran mutane ba zato don jama'a su yi dariya, nishaɗi yake yi da mutuncin wani.

Idan ku biyu ne

"Ba ni labari" na tsakanin mutum biyu wani abu ne dabam, kuma kuskure ne a amsa shi da jawabi. Kowa ya san "ina labari?" na cikin gaisuwa amsarsa "sai alheri", ba a ƙari. Amma idan an gama gaisuwa an zauna, aboki ko ƙanwa ko wadda kake nema ta ce "to, ba ni labari", ba rahoto ake nema ba. Cewa ake yi: ina so mu yi hira, kai ka fara. Wanda ya ce "wallahi ba wani labari" ya mayar wa mai tambaya da nauyin, in aka yi haka sau biyu hira ta mutu. Wanda kuma ya kwashe minti goma yana zuba shi kaɗai, shi ma ya kashe ta ta wata hanyar.

Abin da ke aiki shi ne ƙaramin abu, na kusa, a jimla biyu ko uku, sannan a bar wa ɗayan wuri. Mutane suna daskarewa ne don suna zaton sai babban labari ya cancanci a faɗa, alhali rayuwar yawancinmu ba ta cika samar da babban labari a kowane mako ba. Ka duba daga jiya zuwa yau kawai: abin da ka gani a hanya, abin da ya ba ka dariya, abin da ya ba ka haushi, abin da ka ji farashinsa ka riƙe baki. "Yau na shiga kasuwa neman takalmin yara, na fito da buta. Ke kin yi sayayyar sallar kuwa?" Wannan ba komai ba ne, amma ya buɗe ƙofa uku: tsadar kaya, yara, salla. Ɗayan zai shiga ta wadda ya ga dama.

Wanda ya dawo daga tafiya matsalarsa akasin haka ce, labarin ne ya yi masa yawa. An ce "ba mu labarin Agadas", sai ya fara tun daga tashar mota, da yadda aka yi cinikin kuɗin mota, da inda taya ta fashe, kafin ya isa garin masu sauraro sun gaji. Bin tsarin lokaci shi ne hanya mafi sauƙi ga mai ba da labari, shi ya sa ake faɗa mata, amma ba dole ba ne. Ya fara da abu ɗaya da ya fi ba shi mamaki, tambayoyinsu za su jawo sauran. Ko ya ba su zaɓi: "Na hanya kuke so, ko na garin?" Da sun zaɓa, buɗaɗɗen kira ya koma tambaya, tambaya kuwa kowa ya iya amsa ta.

A wurin ganawar neman aiki ma, idan aka ce "faɗa mana ko kai wane ne", ba tarihin haihuwa da firamare ake nema ba. Abin da kake yi yanzu, abu ɗaya da ka taɓa yi mai kama da aikin da kake nema, da dalilin zuwanka. Minti ɗaya zuwa biyu.

Inda ba a bin wannan hanya

Ba kowane "ce wani abu" ne ke son labari ba. A zaman makoki, addu'a da ta'aziyyar da aka saba su ne daidai, ba wanda ke jiran fasaha. Wanda ya tsaya a kan "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri" bai gaza ba.

Akwai kuma wuraren da kalmarka za ta ɗaure ka: zaman sulhu, maganar aure tsakanin dangi biyu, taron da ake rabon nauyin kuɗi, ko ɗan jarida ya miƙo maka makirufo a kan abin da ba ka gani da idonka ba. A irin waɗannan ne aka ce magana zarar bunu ce. Saurin cike shiru a nan hasara ne. Ana iya ƙin magana ba tare da an daskare ba, bambancin shi ne mai ƙi ya faɗi cikakkiyar jimla da murya a sake: "Yaya ya riga ya yi magana da yawunmu, ni ba ni da ƙari." Ko kuma: "Ku ba ni zuwa gobe in yi tunani, kada in faɗi abin da zan janye." Haka nan idan ana cikin saɓani, matarka ko ɗan'uwanka ya ce "ka yi shiru, ka ce wani abu mana", wannan ba buɗaɗɗen kira ba ne ko kaɗan. So ake a san ka ji, a kuma san inda ka tsaya. Idan ba ka da matsaya tukuna, ka maimaita abin da ka fahimta daga maganarsa, ka faɗi lokacin da za ka ba da amsa.

Wanda kuma tsoron magana ya kai shi ga ƙaurace wa taro gaba ɗaya, ko barin aiki, ko jiki ya riƙa rawa tun kwana biyu kafin ranar, abin nasa ya wuce dabarar zaɓen labari. Wannan damuwa ce da likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara suka san ta, ana kuma samun sauƙinta.

Ga sauran mutane, abin yana zuwa da gwaji, kuma gwajin ba ya bukatar taro. Ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Kalifoniya a 1924 don koyon magana a gaban jama'a, tana da wani sashe a zamanta inda ake jefa wa mutum batu ba shiri ya yi magana ta minti ɗaya zuwa biyu. Mai kula da lokaci yana nuna kore a minti ɗaya, rawaya a minti ɗaya da rabi, ja a minti biyu. Amfanin fitilun shi ne jiki ya koyi tsawon minti ɗaya, domin yawancinmu ba mu san shi ba: mai jin kunya yana zaton ya yi minti alhali daƙiƙa ashirin ya yi, mai surutu yana zaton minti biyu ya yi alhali ya haura shida.

Ana iya yin irinsa a gida da agogon waya. A rubuta lokuta a 'yan takardu, kamar walimar sauka, ban kwana da maƙwabci, tarbar baƙo, ɗaurin auren aboki. A ja ɗaya, a ba kai daƙiƙa goma sha biyar, a yi magana ta minti ɗaya ana ɗaukar murya. Wajen sauraro, abu biyu za a duba. Na farko, a daƙiƙa ta nawa ainihin maganar ta fara? Idan ta wuce ta ashirin, gaisuwa da share fage sun yi yawa. Na biyu, sau nawa aka zo wurin da ya dace a tsaya aka wuce? Wanda ya ji ya wuce, ya sake ɗauka da labarin nan dai, kada ya canja wani, har sai ya tsaya a wurin farko.